Tambayoyi da amsoshi a kan kuloci da zamewarsa

Malam, wai yaya ƙarfin injin yake isa giya ta hanyar kuloci?

Ta hanyar matsewa. Abu uku ne a jere: filawil, wanda aka ɗaure a bayan karanshaf yana juyawa tare da injin, faifan kuloci a tsakiya, mai fatar gogayya a fuskokinsa biyu, wanda cibiyarsa ke zaune a kan haƙoran shaf ɗin da ke shiga giya, sai fireshafilet, wanda shi ma a jikin filawil aka ɗaure shi. In ƙafarka ba ta kan feda, sifirin ɗin fireshafilet yana danne faifan a jikin filawil da ƙarfi, ukun su zama abu ɗaya, giya ta juya daidai da injin. In ka taka, rilis biyarin, wato zoben da feda ke turawa, ya tura yatsun sifirin, matsin ya saki, injin ya ci gaba da juyawa shi kaɗai. Shi ke nan.

Me ake nufi in aka ce kuloci yana zamewa?

Ƙafarka ba ta kan feda, amma filawil yana gudun da ya fi na faifai. Injin yana ihu, mota ba ta ƙara sauri, ƙarfin da ya kamata ya je taya yana komawa zafi.

To ai na ji an ce ko lafiyayyen kuloci yana zamewa?

Ƙwarai, lokacin tashi. Injin yana juyawa, tayoyi suna tsaye, dole a sami daƙiƙa ɗaya ko biyu da faifan zai riƙa goga kafin gudunsu ya daidaita. Don wannan aka yi shi, kada ka damu. Abin da ba a yi shi dominsa ba shi ne ka riƙe mota a kan tudu da rabin kuloci kana jiran hanya, ko ka ɗora ƙafa a kan feda kana tafiya kamar wurin hutawa ne. Mutane suna yin haka kullum, sannan su zo suna cewa kayan gyaran yanzu ba su da ƙarko. Ga hanbirki nan, ka ja shi.

Giyata tana ƙin shiga, tana gurnani. Zamewa ce?

A'a. Wannan ƙin saki ne, akasin zamewa. Ka duba iska a layin man kuloci ko kebur ɗin feda da ya yi sako-sako.

Yaya zan tabbatar da kaina?

Ka hau buɗaɗɗiyar hanya bayan injin ya yi zafi, ka sa giya ta 4 ko ta 5 a gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa, ka danne totur har ƙasa, idonka a kan allurar juyin injin. A ce tana kan 2,000. In kuloci lafiya yake, za ta riƙa hawa a hankali tare da allurar gudu, domin a cikin giya ɗaya su biyun ɗaure suke da juna. In ta yi tsalle zuwa 3,500 alhali gudu yana nan a 60, ya zame. A babbar giya ake gwadawa saboda a nan ne injin ke daɗewa yana ba da cikakken ƙarfinsa ba tare da mota ta saurin amsawa ba. A giya ta 1 kulocin da ya kusa mutuwa ma yakan ɓoye laifinsa. Akwai gwajin tsaye: hanbirki a ja, giya ta 3, a saki feda a hankali da ɗan totur, injin ya kamata ya mutu nan take, in bai mutu ba kuloci yana zamewa. Sau ɗaya ya isa, domin gwajin kansa yana cin faifai.

Nawa yana zamewa kaɗan a hawan tudu da kaya. Saiti zai isa, ko sai an sauke giya?

Ya danganta, kuma kada ka yarda da wanda ya yanke maka hukunci bai taɓa fedar ba. Fara da wasan feda, wato ɗan tazarar da take tafiya a sake kafin ka ji ta yi nauyi. Ka danna da hannu, ka auna. A motoci masu kebur da ake saitawa da hannu, yawanci akan bar abin da ya kai milimita 10 zuwa 20, amma lambar da ke littafin motarka ita ce hukunci. Dalilin wasan shi ne, yayin da faifai ke cinyewa yana sirancewa, fireshafilet yana matsowa kusa da filawil, yatsun sifirin kuma suna tasowa baya zuwa wajen biyarin. A hankali su cinye tazarar, su jingina da biyarin, ya zama kamar kana ɗan taka feda koyaushe. In haka ne, kuma an gano da wuri, sassauta goron kebur kan mayar da riƙon, wani lokaci ma ka ƙara tafiya mai nisa da faifan.

In kulocinka na mai ne, mafi yawansu suna daidaita kansu, don haka babu abin murɗawa sosai. Sai dai wani abu guda da ya cancanci dubawa: in wani ya tsawaita sandar da ke tura masta, wato famfon man da feda ke dannawa, fistin ɗinsa ba zai koma gidansa ba, ya toshe ƙaramar kafar da mai ke komawa tanki. Mai ya yi zafi ya kumbura, matsi ya taru a layi, kuloci ya fara zamewa bayan an yi tafiya, da safe kuma ya zama kamar ba abin da ya faru. Wannan ma ana gyara shi daga waje.

To, in wasa daidai yake amma zamewa na nan, matsalar tana ciki, kuma saiti ba ya mayar da fatar da ta ƙare. Ko dai fatar ta kusa kai kan ribit, wato ƙusoshin da ke riƙe ta a jikin faifai (littattafan gyara da yawa suna sa iyaka a milimita 0.3 tsakanin fuskar fata da kan ribit), ko zafi ya gasa ta ta yi ƙyalli kamar tangaran, ko sifirin ya saki, ko mai ya jiƙa ta. Leƙa ƙarƙashin mahaɗar injin da giya. In akwai danshin mai a wurin, ka zargi sil, wato robar da ke hana mai yoyo, na bayan karanshaf ko na shaf ɗin giya. Faifan da ya sha mai yakan haɗa zamewa da karkarwa wajen tashi, kuma wankewa da fetur ba ta fitar da abin da ya shige cikin fata. A canza faifan a bar sil, bayan ɗan lokaci sabon ma ya jiƙe.

Akwai kuma inda saiti zai yi kamar ya yi aiki, sati biyu zamewar ta dawo. Ba a cuce ka ba. Faifan ne ya riga ya kai ƙarshe.

Zan iya ci gaba da tuƙi a haka?

Zuwa gareji, da sauƙin totur, a ƙaramar giya, ba kaya. Ba za ta watse maka nan take ba, kwantar da hankalinka. Amma in ka fara jin ƙaurin nan mai kama da na birkin da ya ƙone, tsaya ta huce. Duk zamewa ɗaya tana ƙara zafi, zafin yana rage riƙo, rashin riƙon yana ƙara zamewa. Ƙarshenta filawil ya yi shuɗin tabo da ƙananan tsaga, ribit ya kwarzane shi.

In an buɗe, faifai kawai zan saya?

Haba Malam. Wahalar duka a sauke giya take, don me za ka so a yi ta sau biyu? Faifai, fireshafilet da rilis biyarin tare ake canza su. A duba fuskar filawil: in na ƙarfe guda ne kuma tabon bai yi zurfi ba, ana iya kankare fuskarsa a inji, in mai ɓangare biyu ne da sifirin a ciki, galibi canza shi ake yi in ya lalace. Man girisi kaɗan a haƙoran shaf, a goge rarar, domin wanda ya yi yawa juyi zai watsa shi kan sabuwar fatar.