Lissafin ba riba ba faɗuwa: mafi ƙarancin farashin da ƙaramar sana'a za ta sallama kaya

Lissafin ba riba ba faɗuwa hanya ce ta gano matakin da kuɗin da ciniki ya kawo yake daidai da duk kuɗin da aka kashe, wato an mayar da uwar kuɗi amma ba a ci ko kwabo ba. Ana yin sa ta fuska biyu. Idan farashi sananne ne, sai a nemi yawan kayan da dole a sayar. Idan kuwa yawan kayan da ake iya sayarwa ne sananne, sai a nemi farashin da in aka sauka ƙasa da shi an fara cin jari. Wannan farashi shi ne iyakar da mai kaya zai ce albarka idan tayi bai kai ta ba. A rubuce-rubucen lissafin masana'antu, ana danganta farkon zanen wannan lissafi da injiniyan Amurka Henry Hess a 1903, sannan Walter Rautenstrauch na Jami'ar Columbia ya yaɗa shi a shekarun 1930.

Kuɗi iri biyu

Tushen lissafin shi ne raba abin da ake kashewa gida biyu. Akwai kuɗin da ke bin kaya: yana ƙaruwa idan an yi da yawa, yana raguwa idan an yi kaɗan, ranar da ba a yi aiki ba kuma ba a kashe shi. Ga mai yin zoɓon sayarwa, wannan ya ƙunshi zoɓon kansa, sukari, citta, kanumfari, gawayi da robobin ɗurawa. Akwai kuma tsayayyen kuɗi, wanda wata yana ƙarewa sai an biya shi ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kamar hayar shago da albashin yarinyar aiki.

Abubuwa biyu ne cikin tsayayyen kuɗi aka fi mantawa da su, domin babu mai zuwa ƙofa ya karɓe su. Na farko shi ne tsufan kayan aiki. Firizar da aka saya yau za ta mutu wata rana, don haka ana raba kuɗinta a kan watannin da ake sa ran za ta yi tana aiki, kowane wata ya ɗauki kasonsa. Na biyu shi ne ladan mai sana'ar. Matar da ke tashi da asuba tana dafa zoɓo, tana tacewa, tana ɗurawa, aiki take yi wanda da wata aka ɗauka sai an biya ta. Idan ba a sa wannan lada a lissafi ba, abin da ake kira riba a ƙarshen wata yawanci kuɗin wahalarta ne kawai, wani lokaci ma bai kai ba.

Ƙa'idar ita ce:

mafi ƙarancin farashi = (tsayayyen kuɗi + kuɗin da ke bin duk kayan da aka yi) ÷ yawan kayan da aka sayar aka karɓi kuɗinsu

Abin lura a nan shi ne, a sama ana ƙirga abin da aka yi, a ƙasa kuma abin da aka sayar. Su biyun ba ɗaya ba ne.

Misali da sana'ar zoɓo

Alƙaluman da ke tafe na misali ne, kowa zai sa na kasuwarsa. A ɗauka wata mata tana da ƙaramin shago, tana dafa tukunya ɗaya mai fitar da roba 100 a rana, kwana 20 a wata, wato roba 2,000.

Kowace tukunya tana cin zoɓo na naira 3,000, sukari na 4,500, citta da kanumfari da kayan ƙamshi na 1,500, ruwa da gawayi na 2,000, sai robobi 100 a kan naira 40 kowace, 4,000 ke nan. Jimla naira 15,000, kowace roba ta tashi a kan naira 150. A wata kuma naira 300,000.

Ta ɓangaren tsayayyen kuɗi, hayar shago naira 120,000 ce a shekara, wato 10,000 a wata. Kuɗin wuta 12,000. An sayi firiza naira 360,000 ana sa ran za ta yi shekara 5, wato wata 60, kasonta 6,000 a wata. Albashin yarinya 20,000, ladan mai sana'ar 30,000, haraji da ƙananan gyare-gyare 2,000. Jimla naira 80,000.

Wanda ya yi lissafin cikin gaggawa zai raba 80,000 gida 2,000 ya sami naira 40, ya ɗora a kan 150, ya ce 190 ne iyaka. Amma zoɓo ba ya jure zafi. Idan an ɗauke wuta wasu robobin sukan yi tsami, wasu su fashe, ga na yaran gida da na baƙon da aka miƙa wa kyauta. A ce cikin kowace 100 guda 5 suna tafiya haka, to roba 1,900 ce ke kawo kuɗi, kuma su za su ɗauki nauyin duka naira 380,000. Idan aka raba 380,000 gida 1,900, naira 200 ke fitowa. Da ta sayar a 190, da ta karɓi 361,000, ta faɗi da naira 19,000 alhali tana ganin ta mayar da uwar kuɗi. Bashin da aka ci ba a biya ba ma nan yake shiga, domin robar da aka sha bashi aka ƙi biya daidai take da wadda ta fashe.

Naira 200 ba ita ce farashin da ya kamata ta sa ba, ita ce ƙasan da ba a saukowa. Idan tana son ribar naira 57,000 a wata don ƙara jari, sai ta haɗa ta da abin da ta kashe, ya zama 437,000, ta raba gida 1,900, ta sami naira 230.

La'ada

Idan masu talla ne ke fita da kayan, suna ɗaukar kaso daga farashin sayarwa, to lissafin yana da wata lanƙwasa da ke kayar da mutane da yawa. A ce la'adarsu kashi 20 cikin 100 ce. Sau da yawa sai a ɗora kashi 20 a kan 200, a sa farashi 240. Sai dai la'adar daga 240 ɗin za a cire ta, ba daga 200 ba. Mai talla zai ɗauki naira 48, mai zoɓo ta tashi da 192, ta rasa naira 8 a kowace roba, wato 15,200 a wata idan duk ta hannunsu ake sayarwa. Hanyar da ta dace ita ce a tambayi kason da zai rage a hannun mai kaya, wato kashi 80 cikin 100, sai a raba da shi: 200 ÷ 0.8 = 250. A kan 250 mai talla ya ɗauki 50, ita kuma ta sami 200 cif. Haka ake yi da duk wani caji da ake yanka daga farashin sayarwa, har da ragin da ake yi wa 'yan sari.

Yawan ciniki shi ne raunin lissafin

Duk sauran alƙaluman ana iya duba su a rasit ko a tambayo a kasuwa, amma yawan abin da za a sayar hasashe ne, kuma shi ne ke jan farashin sama da ƙasa. A lokacin hunturu mutane ba sa neman abu mai sanyi. Idan aikin ya sauka zuwa roba 1,000 aka sayar da 950, kuɗin kaya ya koma 150,000, amma 80,000 ɗin nan tana nan daram. Jimla 230,000, a raba gida 950, iyakar ta hau zuwa kusan naira 242. Da bazara ko azumin da ya faɗo cikin zafi, idan an yi 3,000 aka sayar da 2,850, jimlar 530,000 ce, iyakar ta sauko kusan naira 186.

Matsalar ita ce lokacin da lissafi ke cewa a ƙara kuɗi shi ne lokacin da masu saye suka yi ƙaranci, kuma ƙarin zai kore ragowar. Shi ya sa sana'ar da ke bin yanayi ta fi dacewa da lissafin shekara guda: a tara tsayayyen kuɗin wata 12, a raba a kan cinikin shekara, rarar bazara ta rufe giɓin hunturu. Mai sabuwar sana'a kuma gara ya yi lissafi da cinikin da ya tabbata zai samu, ba da wanda yake fata ba.

Idan kasuwa ce ta yanke farashi, sai a juya lissafin. A ce kowa a unguwar 250 yake sayarwa a shago. Kowace robar da aka sayar tana ɗauke da kusan naira 158 na kuɗin kaya idan an haɗa da asarar da aka ambata, saura naira 92 da za ta taimaka wajen biyan tsayayyen kuɗi. A raba 80,000 da 92, ana buƙatar kusan roba 870 a wata kafin a fara ganin riba. Idan iyakar da aka lissafa ta fi farashin kasuwa, mafita ba ta cikin farashi. Sai dai a rage kashewa, ko a ƙara ciniki, ko a sake tunani a kan sana'ar.

Lokacin da ake sallamawa ƙasa da iyaka

Akwai iyaka ta biyu da ke ƙasa da ta farko, ita ce kuɗin da ke bin kaya shi kaɗai. A ce masu biki sun zo suna son roba 500 a kan naira 175 kowace, za su biya nan take su kwashe. Farashin bai kai 200 ba, amma haya da albashi ba za su ƙaru saboda wannan aiki ba, kuma babu kwantai tunda an riga an saye. Kowace roba ta ci 150, ta bar 25, jimla naira 12,500 da ba za a samu ba in an ƙi. Karɓar irin wannan tayi daidai ne bisa sharaɗi biyu: kada aikin ya ture cinikin yau da kullum, kuma kada masu sayen kullum su mayar da 175 farashi. Idan kuma sai an yi hayar wata firiza ko an ƙona man janareta kafin a cika alkawarin, kuɗin nan dole ya shiga cikin 150 ɗin. Ƙasa da kuɗin kaya kuwa ba a sauka sai ga abin da aka riga aka yi kuma zai lalace gobe.

Wannan batu na firiza yana nuna cewa tsayayyen kuɗi ba ya tsayawa har abada. Yana tsaye ne iya abin da kayan aiki za su ɗauka, daga nan sai ya yi tsalle, a sake lissafi daga farko.

Alamomin kuskure

A lokacin tsadar kayayyaki, farashin da za a sake sayo kaya da shi ake sawa a lissafi, ba wanda aka sayo da shi a baya ba. Wadda ta sayi buhun sukari da araha wata biyu da suka wuce, idan ta ci gaba da lissafi da tsohon kuɗin, ranar da buhun ya ƙare za ta tarar cinikin da ta tara bai isa sayen wani ba. Wannan ita ce alama mafi bayyana: ciniki yana tafiya, amma kowane zuwa kasuwa kayan da ake sarowa raguwa suke yi. Wata alamar ita ce lokacin biyan haya ya zo ko firiza ta mutu a rasa kuɗin da aka ware, sai an ci bashi ko an jira kwasar adashi. Ana kama irin wannan da wuri ta hanyar rubuta abu uku kullum a littafi: abin da aka yi, abin da aka sayar, da kuɗin da ya shigo hannu. Duk lokacin da sukari, roba ko haya suka motsa, sai a sake raba jimlar da adadin da littafin ya nuna.