Wanda ya daina zuwa gona babu takalmi bai rabu da tsutsar nan ba

A ƙauyukan Jigawa an saba cewa tsutsar ciki ciwon yara ce, wai ƙwayar albendazol ɗaya ta wadatar. Ban da tsutsar da ake kira sitironjiloidis. Tana shiga ta tafin ƙafa, sannan 'ya'yanta sukan huda hanji ko fatar dubura su koma jini ba tare da sun taɓa ƙasa ba. Haka za ta shekara talatin tana sabunta kanta, sau da yawa alamarta ɗan ƙaiƙayi kawai.

A ce Malam ya je kemis da ciwon gwiwa, aka ba shi deksametazon, ɗaya daga cikin magungunan sitiroyid. Maganin yana danne garkuwar jiki, tsutsar ta hayayyafa babu iyaka, ta kwashi ƙwayoyin cutar hanji zuwa jini. Sai tari, haki da zazzaɓi, a yi zaton nimoniya ce. Da yawa ba sa tashi, abin da ke ƙona min rai ke nan.

Gwajin bahaya na yau da kullum yakan rasa ta. A hanyar gwajin Bayaman, wadda ta fi gano ta, ana ɗora sabon bahaya kan bandeji a mazurarin ruwan ɗumi na 'yan awoyi; tsutsotsin su sulalo ƙasa a duba su. A yi gwajin, likita ya ba da aibamektin, maganin wannan tsutsar, kafin a fara sitiroyid.