Ɗora manyan bidiyo da datar waya mai rauni

Ɗora bidiyo shi ne tura fayil daga waya ko kwamfuta zuwa wata ma'ajiya a intanet, kamar YouTube ko Google Drive. Inda sabis ke rawa kuma data ke da tsada, abu biyu ne ke yanke ko aikin zai kammala: nauyin fayil ɗin, da kuma ko hanyar turawar na iya ci gaba daga inda ta tsaya. Kamfanin sadarwa na cire data a kan duk abin da ya fita daga waya, ko ya isa ko bai isa ba. Bidiyon da ya katse a kashi 90 cikin 100 ya riga ya cinye kusan kuɗinsa duka.

Nauyin fayil da lokaci

Nauyin bidiyo ya dogara ne da tsawonsa da yawan bayanan da ake adanawa a kowace daƙiƙa. Ana auna wannan da megabit a daƙiƙa, wanda ake gani a allo da Mbps, kuma megabit 8 ne ke yin megabait 1. Saurin ɗorawa a layin waya yawanci bai kai na saukewa ba, shi ya sa mutum zai kalli bidiyo lafiya lau amma turawa ta gagare shi.

A ɗauki misalin mai ɗaukar hoton biki da ya naɗi kamu na minti 10 a kan 1080p, wayarsa na adana megabit 16 a daƙiƙa. Fayil ɗin zai kai megabait 1,200. Idan layinsa na tura megabit 2 a daƙiƙa, sai ya yi minti 80 ba tare da yankewa ba, abin da ba kasafai ake samu ba da yamma, lokacin da jama'a suka yi wa turken sadarwa yawa. Idan ya matse bidiyon zuwa 720p a kan megabit 2.5 a daƙiƙa, zai dawo kusan megabait 195 har da sauti, ya tafi cikin minti 13. A allon waya, bambancin kyan hoton kaɗan ne.

Ana yin matsin da manhajoji kyauta irin su HandBrake ko FFmpeg. Ga umarnin da ake rubuta wa FFmpeg:

```
ffmpeg -i asali.mp4 -vf scale=-2:720 -c:v libx264 -b:v 2500k -c:a aac -b:a 96k sabo.mp4
```

Wannan na bidiyon kwance ne. Na tsaye sai a sa `scale=720:-2`. Matsi na da iyaka. Mai wa'azi ko malami da ke zaune wuri ɗaya yana jure matsi sosai, amma hawan sallah ko ƙwallo, inda komai ke motsi, hoton kan farfashe ya zama ƙananan murabba'ai. A duba wurin da motsi ya fi yawa kafin a tura, kuma kada a goge na asali.

Turawa mai ci gaba daga inda ta tsaya

Wasu shafuka na karɓar fayil a dunƙule, da zarar layi ya yanke sai a koma farko. Wasu kuwa na karɓarsa gunduwa-gunduwa, suna riƙe lissafin abin da ya iso. Tsarin Google Drive na yin haka, kuma yana ajiye turawar da ba a gama ba har mako guda. YouTube na bayar da awa 24: a sake zaɓar fayil ɗin nan dai, ba tare da an taɓa shi ba, sai ya ɗora daga inda ya tsaya.

Gane irin hanyar da ake amfani da ita ba wuya. A fara tura ƙaramin bidiyo, in ya kai rabi a kashe data na ɗan lokaci, sannan a kunna. Idan ma'aunin ya koma sifili, bai kamata a ba wannan hanyar babban fayil ba. In kuwa dole ce, manhajar 7-Zip na iya raba fayil zuwa gutsattsari, misali megabait 50 kowanne, mai karɓa ya haɗa su. Katsewa ɗaya sai ta jawo asarar gutsure guda kawai.

Abin da ke katse turawa daga cikin wayar

Ba kullum laifin sabis ba ne. Tsarin tsimin batir da `Data Saver` na Android kan tsayar da manhaja idan allo ya mutu ko an fita daga cikinta. Alamarsa ita ce turawar na daskarewa duk lokacin da aka ajiye wayar, ta kuma motsa in an buɗe. Maganinsa a cire wa manhajar takunkumin batir, a jona caji, a bar ta a buɗe. Akwai kuma ɓarnar da ba a gani: idan an ba Google Photos izinin ajiya ta datar waya, zai iya tura bidiyon asali a ɓoye, mutum ya biya sau biyu.

Datar dare ta fi arha, kuma layi ya fi sakewa a lokacin. Sai dai a lissafa tun farko ko turawar za ta ƙare kafin wa'adin datar ya cika, a kuma bar rarar data sama da nauyin fayil ɗin, domin a wasu tsare-tsaren idan ta ƙare ana komawa cire kuɗin kira ne a farashi mafi tsada.