Abin da doka da ƙa'ida suka ce kan rubutun da ba ya karantuwa a manhajar waya

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ke ɗauke da shekarar 2018. Sashenta na farko ya haramta wa kowane mutum ko hukuma nuna wa wani bambanci saboda larurar da yake da ita. Kamfanin da ya karya wannan sashe tarar naira miliyan 1 ce a kansa, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun.

Sai dai dokar ba ta faɗa wa mai gina manhaja girman harafi ko irin launin da zai sa ba. Wannan awon yana cikin ƙa'idojin da ake kira WCAG, waɗanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar, kuma su ne mudun da masu sana'ar ke aunawa da shi a ko'ina.

Wanda na fi ganin ana karyawa shi ne na launi. Ƙanena ya gina wata manhajar sayar da data, ya kai wa kawunmu da ke zama a bakin shago a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, don ya gwada. Kawu ya ɗaga waya, ya kare ta da tafin hannu, ya ce, "Kai yaro, ina kuɗin? Ni fari fat nake gani." Ƙanena ya ce, "Ga shi nan a ƙasa, Kawu." Rubutun yana nan kuwa, launin toka ne a kan farin shafi, abin da a ɗaki mai labule yake da kyan gani. A ranar azahar ta Katsina, ga idon da ya haura shekara 60, sai ya ɓace.

Ƙa'idar ta ce tazarar haske tsakanin rubutu da abin da ke bayansa kada ta gaza 4.5 bisa 1. Baƙi wuluk a kan fari tas shi ne ƙololuwa, 21 bisa 1. Tokar da ƙanena ya zaɓa, `#999999`, a kan fari 2.85 kawai take bayarwa, ke nan ta faɗi. Da ya mayar da ita `#767676` sai ta kai 4.54, ta tsallake da kyar. Ni dai shawarata a ƙara duhu fiye da haka, domin wannan awon shi ne mafi ƙaranci, kuma bai san da rana ko tsagaggen gilashin waya ba. An yi sassauci ga manyan haruffa irin na kanun shafi: su 3 bisa 1 ya ishe su.

Maganar girman rubutu gajera ce. Dole mai waya ya iya ninka rubutu har kashi 200 cikin 100 ba tare da wani abu ya ɓace ba. A Android, idan aka auna harafi da `sp` yana bin girman da mai waya ya zaɓa, idan da `dp` ne kuwa ba ya motsi. Amma akwai tarko: harafi ya girma, akwatin da yake ciki bai girma ba, sai ₦10,000 ta yanke ta koma ₦10. A manhajar kuɗi wannan asara ce.

Sai makaho, wanda ba ruwansa da launi. Shi da kunne yake amfani da waya: TalkBack a Android, ko VoiceOver a iPhone, su ke karanta masa duk abin da yatsansa ya taɓa. Maɓallin da hoto ne kawai a kansa, kamar kibiyar tura kuɗi, ba shi da abin karantawa sai an raɗa masa suna. Idan ba a raɗa ba, wayar za ta ce masa maɓalli ne marar suna, shi kuma ba zai san ko na biya ne ko na sokewa ba. Gyaran layi ɗaya ne:

```
android:contentDescription="Tura kuɗi"
```

Sunan ya faɗi aikin maɓallin, kada ya siffanta hoton. "Koriyar kibiya" ba ta gaya wa kowa komai.

Ƙanena ya sauke Accessibility Scanner, manhajar Google da ke zagaye wuraren da launi ya yi rauni ko suna ya ɓace. Tana kama maɓallin da ba shi da suna, amma ba ta iya gane sunan da bai dace da aikin ba. Don haka ya kunna TalkBack, ya rufe ido, ya gwada sayen data daga farko har ƙarshe. A maɓalli na uku, wanda yake tabbatar da biya, ya maƙale.