Ina bayanan hoto suke zuwa idan an matse shi da JPEG?

Hotona ya ragu kusan ninki goma da na ajiye shi a JPEG, amma ban ga bambanci ba. Me aka cire?

Ƙananan sauye-sauyen haske aka cire, irin waɗanda ido bai cika lura da su ba. Ana yanka hoton gida-gida, kowane gida fiksel 8 tsaye 8 kwance. Daga nan lissafin DCT, wanda Nasir Ahmed da abokan aikinsa suka wallafa a 1974, yake mayar da fiksel 64 ɗin zuwa wasu lambobi 64. Ta farko, a kusurwar sama ta hagu, tana nuna matsakaicin hasken gidan. Sauran suna auna zane-zane, daga masu faɗi zuwa ƙanana sosai a kusurwar ƙasa ta dama. Har nan kusan ba a yi asarar komai ba.

To a ina asarar take?

A teburin rabawa. Kowace lamba tana da abin da za a raba ta da shi, sannan a ɗauki cikakkiyar lamba mafi kusa. A teburin haske da ƙa'idar JPEG ta 1992 ta bayar a matsayin misali, gurbin farko 16 ne, na ƙarshe 99.

A ce lambobi shida na farko, idan an bi gidan a kaikaice ba layi-layi ba, su ne 243, -35, 5, -4, 3, 21. Masu raba su a teburin su ne 16, 11, 12, 14, 12, 10, sai a samu 15, -3, 0, 0, 0, 2. Wurin buɗe hoton za a ninka, a samu 240, -33, 0, 0, 0, 20. Ukun tsakiya sun tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da su. Rage "inganci" a manhaja ƙara girman lambobin teburin ne, sifiri ya ƙara yawa.

Me ya sa ba a karanta lambobin layi-layi?

Don a tara sifiri wuri ɗaya. Ana bin gidan a kaikaice, kamar tafiyar maciji, daga kusurwar farko zuwa ta ƙarshe, sai manyan lambobi su zo da wuri. Ita ta farkon, bambancinta da ta gidan baya ake rubutawa. Ragowar kuwa ana faɗin sifiri nawa suka gabaci kowace lambar da ba sifiri ba, sannan a rubuta lambar. Idan duk abin da ya biyo bayan misalinmu sifiri ne:

```
(0,-3) (3,2) EOB
```

Alamar EOB, mai nufin ƙarshen gida, ita kaɗai ta tsaya a madadin sifiri 58. Tsarin Huffman, mai taƙaita rubutun alamomin da suka fi yawan fitowa, shi ne yake ƙarasa matsewar.

Yaya zan gane an matse hoto fiye da kima?

Ka ƙara girmansa. A sararin sama ko bango za ka ga iyakokin gidajen sun fito, saboda kowane gida an yi masa lissafinsa daban. A gefen rubutu kuma za ka ga dishi-dishi, domin kaifin harafi yana buƙatar lambobin nan da aka mayar sifiri. Shi ya sa ga hoton allon waya mai rubutu na fi son PNG, tsarin ajiye hoto da ba ya zubar da komai.