Me ake nufi da "nutural ya saki", kuma ta yaya ake bambance shi da matsalar dima?

Idan kwan fitila ya fara ƙiftawa aka kira mai gyaran wuta, yakan duba ya ce ɗaya daga cikin biyu: ko "nutural ne ya saki", ko kuma "dimar ce ba ta dace da ƙwayayen ba". A idon mai gida duk ƙiftawa ce. Amma matsalar dima, wato makunnin da ake murzawa a rage haske ko a ƙara, yawanci ciwon ido kawai take jawowa, alhali sakin nutural na iya ƙona firiji da talabijin a dare ɗaya, wani lokacin ma har da gidan. Saboda haka kalmar ta cancanci a tsaya a warware ta.

Wutar lantarki ba ta aiki sai ta samu hanyar zuwa da hanyar komawa. Wayar da ke kawo ta ita ce laif, wadda take komawa ta cikinta kuma ita ce nutural. A ƙasashe da yawa rigar nutural shuɗiya ce, a tsofaffin gidaje baƙa, a Arewacin Amurka kuwa fara ko ruwan toka. Akwai waya ta uku, wayar ƙasa, amma ita ta tsaro ce, ba ta ɗaukar wuta sai an samu matsala. In aka ce nutural ya saki, yawanci wayar ba ta tsinke gaba ɗaya ba. Sukurun da ya riƙe ta ne ya yi sako-sako, ko tsatsa ta ci mahaɗar, sai ya zama tana taɓawa tana saki. Wuta na wucewa, amma da ƙyar.

Wannan "da ƙyar" ɗin shi ne tushen ɓarnar. Mahaɗar da ta saki tana zama kamar ɗan ƙaramin hita. A ce turjiyarta, wato yadda take hana wuta wucewa, ta kai rabin om, kuma wutar da ke bi ta wurin amfiya 10 ce. Wat 50 ke nan na zafi a kan sukuru ɗaya da bai kai ƙwayar wake ba. Zafin ya sa ƙarfe ya buɗe, in ya huce ya tsuke, sukurun ya ƙara saki, tagullar ta yi baƙi, turjiya ta ƙaru, zafi ya ƙaru. Kuma bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa, ba za ta faɗi ba, don ita yawan amfiya take lura da shi, kuma amfiyar ba ta wuce ƙa'ida ba. Mutane da yawa suna kwantar da hankalinsu da cewa "ai da akwai matsala da bireka ta faɗi". A nan ba ta faɗuwa.

Sakin nutural iri biyu ne. Na farko shi ne na layi guda: nutural ya saki a bayan fitila ɗaya, ko a akwatin haɗin wayoyi, ko a kan sandar nutural da ke cikin akwatin bireka. Fitilun da ke kan wannan layin ne kaɗai za su yi rawa, kuma rawar ba ta da tsari. Ta yi minti goma lafiya, sai ta ƙifta sau uku, wani lokaci don an buga ƙofa ne kawai. In ka kasa kunne kusa da wurin kana iya jin ɗan ƙarar tartsatsi, ko ka ji ƙaurin roba.

Na biyu shi ne mai ban tsoro, wato sakin babban nutural da fes fiye da ɗaya suke tarayya a kansa. Fes shi ne kowace wayar laif da kamfanin wuta ke kawowa. A tsarin fes uku, tsakanin kowane fes da nutural akwai bolt 230, tsakanin fes da fes kuma bolt 400. Nutural ne ke riƙe tsakiya, ya tabbatar kowane ɓangare ya samu 230 ɗinsa. Da zarar ya saki, kayan da ke kan fes daban-daban sai su koma a jere, su raba 400 ɗin a tsakaninsu, kuma rabon ba na adalci ba ne.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Butar dafa ruwa mai wat 2000 tana kan fes na farko, turjiyarta kusan om 26. Tsohon kwan fitila mai wat 100 yana kan fes na biyu, turjiyarsa kusan om 529. Nutural ya katse. Yanzu su biyun suna jere a kan bolt 400, kuma kowa zai ɗauki rabo gwargwadon turjiyarsa. Butar za ta samu kusan bolt 19, kwan kuma kusan 381. Butar ta yi shiru kamar ba a kunna ta ba, kwan ya yi wani irin haske fari fat, sannan ya mutu. Sa caja ko talabijin a madadin kwan, ka ga inda asarar take. Ƙananan kaya ne ke shan duka, domin su ne masu babbar turjiya. A gidajen Arewacin Amurka masu 120 da 240 ma labarin ɗaya ne, sai dai 240 ake rabawa.

Daga nan alamar da ba ta ƙarya ta fito. A ƙa'ida, in aka kunna abu mai jan wuta, fitila takan ɗan dusashe. Amma in aka kunna buta ko injin jawo ruwa sai fitilar wani ɗaki ta ƙara haske, fanka ta ƙara gudu, to babban nutural ne ake zargi kafin komai. Wanda ya ga haka ya kashe babban makunnin gidan nan take, ya zare kayan lantarki daga soket, ya kira ƙwararre. Kada a ce bari a ga gobe.

Mai gyara zai tabbatar da mitar awo. Zai auna tsakanin laif da nutural a soket biyu da ke kan fes daban, sannan ya sa a kunna buta. Faɗuwar bolt uku ko biyar ba komai ba ce, kuma a tsarin 230 duk abin da ke tsakanin 207 da 253 yana cikin haddi. In kuwa ɗaya ya sauka 190, ɗayan ya hau 265, magana ta ƙare. Saura a nemo wurin. In awon ya nuna wannan rawar tun daga bakin shigowar wuta, ko maƙwabta ma suna kuka da abu ɗaya, to matsalar tana kan wayar kamfanin wuta, kuma su ne za su gyara. Ba a taɓa abin da ke ɓangaren kamfani, kafin wuta ta shiga mita.

In a cikin gida ne, gyaran ya wuce ɗaure sukuru. Ana kashe babban makunni, a raba janareta da inbata in akwai, a gwada a tabbatar babu wuta. Kashe bireka ɗaya ba ya isa, don wani lokaci layi biyu na aron nutural guda, kuma nutural da ya katse yana ɗauke da wuta ta cikin kayan da ke kunne, yana kama mutum kamar laif. Wayoyin da ke shigowa babban makunnin ma suna nan da wutarsu ko an kashe shi. Sai a bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, ana ɗan jan kowace waya. Wadda ta saki yawanci takan tona kanta: rigarta ta yi ruwan ƙasa, ta bushe tana farfashewa, tagullar ta yi baƙi. Ana yanke wurin da ya ƙone har a kai jar tagulla mai tsabta, a fere sabon baki, a canza mahaɗar in ta narke, sannan a ɗaure. Wanda ya ɗaure sukuru a kan baƙar waya zai dawo wurin bayan 'yan watanni. Inda wayar alminiyam ta haɗu da ta tagulla kuwa, sai an sa mahaɗar da aka yi don hakan, in ba haka ba za su ci juna.

To dima fa? Dima ita ce makunnin da ake murzawa a rage haske ko a ƙara. Ba ta rage wuta kamar yadda ake rage ruwan famfo. Yanka take yi: a wuta mai zagaye 50 a daƙiƙa, sau 100 take datse wani yanki na wutar a kowace daƙiƙa. Tsohon kwai mai zare bai damu ba, don zarensa ba ya hucewa kafin wutar ta dawo. Kwan LED kuwa yana da ɗan injinsa a ciki, kuma injin yana jin kowane yanka.

Tsofaffin dimomi suna datse farkon zagayen, kuma suna buƙatar wani ɗan nauyi kafin su tsaya da ƙafarsu. Ɗauki fitilar falo mai ƙwai biyar, kowane wat 60, jimilla 300, a kan dimar da aka rubuta mata 40 zuwa 400. Shekaru tana aiki lafiya. Sai aka canza ƙwayayen zuwa LED masu wat 5, jimilla ta dawo 25. Nauyin ya faɗi ƙasa da 40, dimar ta riƙa kamawa tana kuɓucewa, haske ya shiga rawa. Babu wayar da ta saki a gidan.

Rawar dima tana da halinta. Tana bin hannun mai murzawa: a ƙasa ta yi tsanani, a sama ta ragu ko ta ɓace, kuma kullum a wuri ɗaya take farawa. Fitilun da ke kan dimar kaɗai take shafa, ba ruwanta da butar da aka kunna a kicin. Sau da yawa ma in ka tambaya za a ce maka ai tun ranar da aka sa sababbin ƙwai ta fara. Gwaji mafi sauƙi shi ne a cire LED ɗaya a mayar da tsohon kwai mai zare a gurbinsa. In rawar ta tsaya, nauyi ne ya yi kaɗan. Mai gyara kuma yana iya sa makunni na yau da kullum a madadin dimar na ɗan lokaci. In har ƙiftawar ta ci gaba bayan an cire dima, a koma neman wayar da ta saki.

Maganin yana farawa daga kwalin kwan: dole ya nuna cewa kwan yana karɓar dima, don LED da yawa ba sa karɓa ko wace iri aka kawo. Sannan a sayi dimar da aka yi don LED, wadda yawanci ƙarshen zagayen take datsewa. A jikin wasu za a ga haruffa: RL mai datse farko ce, RC mai datse ƙarshe. A duba mafi ƙarancin wat da ta yarda da shi, kuma a sa ƙwai iri ɗaya a kan dima ɗaya, kada a gauraya. Yawancin sababbin dimomi suna da ɗan sukurun saiti ko maɓalli a bayan murfi. Ana murza hasken zuwa ƙasa har rawar ta fara, sai a ɗaga saitin kaɗan-kaɗan har ta tsaya, a bar shi nan ya zama iyakar ƙasa.