Ƙa'idar turara kayan aikin asibiti: 121°C, minti 30, kuma daga yaushe ake fara ƙirga

Jama'a akwai abin da yake damuna a ƙananan asibitocinmu na zango da gidajen haihuwa, daga Aboabo har Asawase da Sabon Zango a nan Gana. Kusan kowa yana da tukunyar turara kayan aiki, wato otokilef, amma in ka tambayi yarinyar da aka bar wa aikin minti nawa take ba kayan sai ta ce ai rabin awa ne, in ka ƙara tambaya daga yaushe take fara ƙirgawa sai ta ce daga sanda ta kunna. To a nan ɓarnar take.

Bari mu fara da doka. A Gana akwai Act 829 na shekarar 2011, shi ya kafa HeFRA, hukumar da ke ba asibitoci lasisi, kuma a ƙarƙashinsa ba wanda zai buɗe asibiti ko kilinik ko gidan haihuwa ba lasisi, kuma kafin a ba ka lasisin ko a sabunta shi sai an zo an duba wajen, har da yadda kake tsaftace kayan aiki. Ita dokar ba ta tsaya lissafa digiri da minti ba, wannan aikin ƙa'idojin hana yaɗuwar cuta ne irin wanda Ma'aikatar Lafiya ta fitar a 2015. Abin da ake koya wa ma'aikata a taƙaice shi ne duk ƙarfen da zai yanka fata ko ya shiga nama ko jini, almakashin yanke cibiya ne, foses ne, mariƙin allurar ɗinki ne, dole a kashe komai da komai da ke jikinsa. Zafin 121°C, matsin 15 psi, minti 20 in kayan a buɗe suke, minti 30 in an naɗe su a ƙyalle ko takarda. Manyan injuna masu zuƙe iska da kansu, irin na manyan asibitoci, suna aiki a 134°C na minti 3 zuwa 4, amma kar mai ƙaramar tukunya ya ji wannan ya ce shi ma zai rage lokaci.

Wani zai ce to me ya sa ba za a tafasa kawai ba, ai iyayenmu tafasawa suke yi. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce 100°C ko da ka ƙara gawayi buhu guda, sai dai ya ƙone. Wannan zafin in an ba shi minti 20 yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, har da na ciwon hanta da HIV, amma akwai wasu kamar ƙwayar tetanos da in sun ji wuya sai su shige cikin wani ɓawo mai tauri su kwanta, suna iya jure tafasa, su tashi daga baya cikin cibiyar jariri. In aka rufe tukunya ruf tururi ya rasa hanyar fita, matsi ya hau, sai zafin ma ya hau har 121°C, kuma tururi mai danshi a wannan zafin yana ratsa ɓawon ya dafa abin da ke ciki. Matsin ba shi ke kashewa ba, amfaninsa kawai ya ɗaga zafin.

Yanzu a ce nas ce a wani gidan haihuwa, tana da kayan karɓar haihuwa guda biyu da za ta turara. Kafin komai sai ta wanke su da sabulu da buroshi, musamman wajen maɗaurin almakashi da haƙoran foses inda jini ke maƙalewa, ta ɗauraye ta busar, don tururi ba ya kaiwa ga ƙarfen da busasshen jini ya lulluɓe. Ta buɗe bakin kowane almakashi kar ta bar shi a datse, ta naɗe, ta jera a kan ragar da ke saman ruwan da ɗan fili a tsakaninsu. Ƙarfe 9:00 ta kunna. Wajen 9:15 tururi ya fara fita ta bawul, ba za ta rufe ba tukuna, za ta bar shi ya yi ta fita gadan-gadan na wasu mintoci yadda takardar injin ta ce, har ya daina tsartuwa yana yankewa. 9:25 ta rufe. 9:35 allurar geji ta kai 15 psi. To yanzu ne agogo ya fara, ba ƙarfe 9:00 ba. Sai 10:05 za ta kashe, ta jira allura ta sauko sifili da kanta, ta ɗan buɗe murfin kaɗan ta bar kayan su bushe kamar rabin awa. Kun ga aikin da ake ce wa na minti 30 ya ci kusan awa biyu, wadda ta ƙirga daga kunnawa kuwa ta sauke tun 9:30, allura ba ta ma kai ba.

Maganar barin tururi ya fita ɗin nan ita ce aka fi rainawa kuma ita ce mai haɗari, saboda geji matsi yake aunawa ba zafi ba, bai san bambancin iska da tururi ba. In rabin iskar da ke cikin tukunya ta rage, allura za ta nuna 15 psi lafiya lau amma zafin ciki wajen 112°C yake, kuma iskar tana taruwa ta kewaye kayan ta hana tururi taɓa su. Haka ma in aka cusa kaya aka danna kamar ana ɗura buhu, na tsakiya ba za su ga tururi ba.

Sai dumso. In wuta ta ɗauke 9:50, an yi minti 15, allura ta fara sauka, ba a ɗorawa daga inda aka tsaya wai saura 15. In wuta ta dawo sai a sake daga farko, minti 30 cur a jere. Na san abin da ciwo, ga mai naƙuda tana jira, shi ya sa nake ganin kowane gidan haihuwa ya kamata ya ajiye turarrun kaya fiye da na buƙatar ranar, ko ya samu tukunyar da ake ɗorawa a kan gas.

Ta yaya za a gane an dace? Tef ɗin nan da ake mannawa a bayan ƙunshi, wanda layukansa ke komawa baƙi, abin da yake faɗa kawai shi ne wannan ƙunshin ya shiga zafi, bai ce an cika lokaci ba, yakan canza launi tun kafin aikin ya kammala. Wanda ya fi shi shi ne ɗan katin gwaji da ake sawa a tsakiyar ƙunshin, wanda sai zafi da tururi da lokaci sun cika yake canzawa. Gwajin gaske kuma ɗan kwalba ne mai ɗauke da ƙwayoyi masu ɓawo da suka fi kowa jure zafi, a turara shi tare da kaya sannan a sa shi a ɗumi a ga ko za su farfaɗo, ana son a riƙa yi aƙalla sau ɗaya a sati. Ƙunshin da ya fito da jiƙa ko ya yage ba turarre ba ne, danshi yana jawo ƙwayoyi daga waje zuwa ciki, a sake naɗewa a sake turarawa. In kuma ana jin tururi yana shiii ta gefen murfi robar bakin ta mutu, a canza ta. Duk zagaye a rubuta a littafi, kwanan wata, lokacin da allura ta kai, lokacin da aka kashe da sunan wanda ya yi, a kuma rubuta kwanan watan a jikin ƙunshin.

Iyayenmu wanzamai masu kaciya da sauran aikin aska, ku yi haƙuri, ita ƙwayar cuta ba ta tambayar lasisi, abin da ya hau kan almakashin nas ya hau kan askarku. Goga sifirit ko gilma ta a harshen wuta bai isa ba. Mafi sauƙi a yi amfani da sabuwar reza ta asibiti a cikin takardarta ga kowane yaro a jefar, sauran ƙarafan kuma a turara. Wanda zai sayi furesha kuka ta girki don wannan ya duba ko tana kaiwa 15 psi, don da yawa, musamman masu lantarki, ba sa kaiwa, kuma wadda ba ta da geji ba yadda za a yi ka san lokacin da za ka fara ƙirga mintocinka.